Yadda ake tafasa ɗanyar madarar da aka saya hannun makiyaya, da abin da wuta ba ta iya cirewa

A Garwa da Marwa da Ngaundere, a arewacin Kamaru, madara takan iso gari da hantsi, wata a ƙwarya an rufe da faifai, wata a jarka, wata kuma a gorar roba ta lita 1.5 da aka shanye ruwanta. Fulani na kiranta biraɗam, wato madarar da aka tatso ba a yi mata komai ba. Fara ce sol, ƙamshinta mai daɗi, kuma mai sayarwa gaskiya ta faɗa in ta ce yau da safe aka tatsa. Duk da haka ba a kai ta baki sai ta hau wuta. Dalilin ba ya da alaƙa da tsaftar mai sayarwa ko rashin amanarta. Wasu cututtukan suna cikin jikin saniyar ne, suna fitowa tare da madarar tun daga hantsa, kafin hannun kowa ya taɓa ta.

Cututtuka biyu ne suka fi cancanta a tsaya a kansu. Na farko shi ne wanda makiyaya ke kira bakkale, likitoci kuma burusela. A garke alamarsa ita ce ɓari: saniya ta zubar da ciki a watannin ƙarshe, mahaifa ta maƙale, wasu shanun gwiwarsu ta kumbura ta tara ruwa. Abin da ke ruɗin mutane shi ne saniyar da ta yi ɓari sau ɗaya takan koma haihuwa lafiya, ta yi ƙiba, gashinta na sheƙi, amma ƙwayar cutar na nan a hantsarta tana bin madara shekara da shekaru. Awaki da tumaki da raƙuma ma suna ɗauke da cutar, kuma nau'in awaki da tumaki ya fi tsanani a jikin mutum. A tsibirin Malta aka fara gane wannan. Likitan sojan Birtaniya David Bruce ya gano ƙwayar a 1887, sannan a 1905 likita Themistocles Zammit ya nuna cewa awakin da ake ganin lafiyarsu ƙalau ne ke zubo ta a madara. Da aka hana sojoji shan ɗanyar madarar akuya, zazzaɓin ya ragu ƙwarai a barikinsu.

A jikin mutum bakkale ba ya nuna kansa da wuri. Yakan ɗauki mako 2 zuwa 4, wani lokaci watanni, sannan zazzaɓi ya fara zuwa yana tafiya, da gumin dare mai jiƙa zani, da ciwon baya da gaɓɓai, da kasala. A nan ƙasar kuwa duk zazzaɓi sunansa maleriya, in bai ji magani ba a ce taifot ne. Mutum zai sha maganin kwana 3, ya ji sauƙi don zazzaɓin dama sauka yake da kansa, bayan mako biyu ya dawo. Maganin bakkale na gaskiya haɗin magunguna biyu ne na aƙalla mako 6.

Na biyu shi ne tarin fuka na shanu. Wanda ya sha ƙwayarsa a madara ba lalle ya yi tari ba, domin ta baki ta shiga: takan zauna a kaluluwar wuya ta kumbura har ta fashe, ko a hanji, ko a ƙashi, kuma yara ta fi kamawa. Ɗaya daga cikin magunguna huɗun da ake fara bai wa mai tarin fuka, wato firazinamaid, ba ya aiki a kan wannan nau'in.

Sauran ƙwayoyin daga waje suke shiga: kashin shanu da ya manne a hantsa, ƙurar hanya, ƙuda, ruwan da aka ɗauraye ƙwarya da shi. Su ne masu kawo gudawa da amai bayan kwana ɗaya zuwa ƴan kwanaki. Babba mai ƙarfi zai iya sha ya wuce, shi ya sa ake jin "ai mu da ita muka tashi". Ƙaramin yaro, da mai juna biyu, da tsoho, da wanda ciwo ya riga ya raunana, ba su da wannan rangwamen.

Kusan dukansu wuta na kashe su, kuma ba ma sai an kai ga tafasa ba. A masana'antar madara ana riƙe ta a digiri 63 na ma'aunin Selshiyas na minti 30, ko digiri 72 na daƙiƙa 15, wannan ya isa. A gida babu ma'aunin zafi, kuma ido ba ya bambance digiri 55 da 72, shi ya sa ake kai ta ga tafasa: ita ce alamar da kowa ke gani. Madara na tafasa a wajen digiri 100. A Ngaundere, da ke kan tudu sama da mita 1,000, tana tafasa a wajen digiri 96, wanda har yanzu ya zarce abin da ake bukata nesa ba kusa ba.

Tun wurin saye

A ɗauki misalin lita 2 da aka saya da ƙarfe 8 na safe a Garwa, cikin watan Afrilu, lokacin da zafin rana ke haura digiri 40. Tambaya uku ake yi wa mai madara, kuma a yi su da ladabi, ba kamar ana tuhuma ba.

"Adda, sannu da hanya. Ta safen nan ce zalla, ko an haɗa da ta jiya da yamma?"

"Ta safe ce, Hajiya."

"An ɗora ta a wuta? A shanun da ake tatsa akwai wadda aka yi wa allura kwanan nan?"

Tambayar farko ita ce ke nuna awa nawa madarar ta yi. Sabuwar madara na da wani kariya na halitta da ke riƙe ƙwayoyin cuta na ɗan lokaci, awa 2 ko 3 a irin wannan zafin. Daga nan sai su shiga ninkuwa, kusan kowane rabin awa. Lissafin ba wuya: awa 4 ninkuwa sau 8 ke nan, ƙwaya ɗaya ta zama 256. Madarar da aka tatsa da ƙarfe 6 ta riga ta cinye wa'adinta kafin ta iso ƙofar gida. Don haka ba a ajiye ta a ce sai an gama shara ko an dawo daga kasuwa. Ko da mai madara ta ce an tafasa, a sake, domin bayan tafasar ta shiga jarka ta yi tafiya.

A duba ta a fili. In akwai ja-ja ko ruwan hoda, ko wasu dunƙule-dunƙule masu kama da zare, madarar saniya mai ciwon hantsa ce, a bar ta. In rawaya ce mai kauri da danƙo, dakashi ne na saniyar da ta haihu kwanan nan, kuma zai daskare da zarar ya ji wuta.

Gwajin cokali

Kafin a juye lita 2 a tukunya, a ɗebi babban cokali ɗaya na ƙarfe a riƙe a kan harshen wuta har ya tafasa. Madara mai kyau za ta yi kumfa ta zauna sumul. Wadda ta fara tsami za ta tsinke nan take, farin gari-gari a gefe, ruwa mai ɗan kore-kore a gefe. Abin da ya faru shi ne ƙwayoyin sun riga sun mai da wani ɓangare na sukarin madarar zuwa tsami, tsamin da harshe bai kai ga ji ba, amma da ya haɗu da zafi sai ya dunƙule furotin ɗin. Madarar da ta faɗi wannan gwajin ta daɗe a zafi. Ba ta dace da yara ba ko an tafasa, saboda dalilin da za a zo kansa a ƙasa.

Kan wuta

A fara tacewa da rariya mai laushi ko farin ƙyalle da aka wanke aka shanya a rana. Za a ga gashin saniya, ɗan ciyayi, wani lokaci yashi. Tacewa na cire abin da ido ke gani ne kawai.

Tukunya ta kasance ta fi madarar girma sau biyu ko fiye: lita 2 na son tukunyar lita 5, mai kaurin gindi. A wanke ta da sabulu, kada ta zama mai ƙamshin miyar jiya, domin kitsen madara na kama wari da sauri. A ɗauraye ta da ruwa mai tsabta a bar gindin a jiƙe, sannan a zuba madarar. Wannan ɗan ruwan na rage kamun gindi.

Wuta matsakaiciya ake so. A kan gas lita 2 kan ɗauki minti 10 zuwa 15, a kan gawayi ya danganta da yadda ya ruru. In murhun itace ne, a bari harshen ya kwanta tukuna, in ba haka ba hayaƙi zai shiga madarar. A riƙa juyawa da ludayi mai tsabta ana kai shi har gindin tukunya, ba a sama kawai ba. Furotin ɗin madara na manne wa ƙarfe mai zafi, in aka bar shi sai ya ƙone, kuma ƙauri in ya shiga madara ba ya fita. In aka ji ƙaurin ya fara, kada a kankare gindin. A juye madarar a wata tukunya a ci gaba.

Ga inda aka fi yin kuskure. Da farko tururi zai fara tashi, ƙananan kumfa su jeru a gefen tukunya, yana ta fara kwanciya a sama. Mutane da yawa a nan suke saukewa, su ce ta yi zafi. Ba ta tafasa ba. Tafasa ita ce lokacin da madarar gaba ɗaya ta kumbura ta taso tana neman bakin tukunya. Tana yin haka ne don yanar da ke sama da kumfar furotin sun tare tururin da ke fitowa daga ƙasa, sai ya ɗaga su gaba ɗaya. Abin na faruwa cikin daƙiƙoƙi, shi ya sa mai dafa madara ba ta zuwa amsa sallama.

Da ta taso, a rage wuta, ko a ɗaga tukunyar kaɗan, a juya ta sauka, sannan a bar ta tana ɓararraka a hankali minti 2 zuwa 3 ana juyawa. Waɗannan mintunan don kumfar sama da abin da ya fantsama a gefe ne, waɗanda ba su kai zafin tsakiya ba. Wuce minti 5 ba ya ƙara wani tsaro, sai dai ya ƙone ruwa, ya rage bitamin, ya sa madarar ta fara ja.

Hucewa, wadda ita ce rabin aikin

Tukunyar lita 2 da aka rufe aka ajiye a ɗakin girki a watan Afrilu za ta yi awanni tana da ɗumi, kuma ɗumin nan tsakanin digiri 20 da 45 shi ne abin da ƙwayoyin cuta suka fi so. A samu babbar roba ko daro a zuba ruwan randa, a tsoma gindin tukunyar ciki har ruwan ya kai daidai tsayin madarar, ba tare da ya shiga ba. A juya da ludayin nan da aka dafa da shi, kada a ɗauko wani. Ruwan zai yi ɗumi cikin minti 5, a zubar a sake, sau 2 ko 3. Cikin kusan rabin awa madarar ta huce. Sai a rufe.

Kada a mai da ita cikin gorar da aka kawo ta. Ragowar ɗanyar madarar da ke jikin gorar ta isa ta ɓata duk aikin, kuma gorar roba mai ƙaramin baki ba ta wankuwa sosai. Haka ƙyallen da aka tace ɗanyar da shi, kada a sake tace dafaffiyar da shi don cire yana. Mafi sauƙi a bar ta a tukunyar da aka dafa ta, ko a juye a kwanon ƙarfe ko kwalba da aka ɗauraye da tafasasshen ruwa.

A firji mai sanyi sosai, wajen digiri 4, takan yi kwana 2 zuwa 3. In wuta ta ɗauke na awanni har madarar ta daina sanyi a hannu, a sake tafasawa a shanye a ranar. In babu firji, a sha cikin awa 2 zuwa 3 bayan ta huce, ragowar kuma a mai da shi kindirmo. Dafaffiyar madara ba ta lalacewa irin ta ɗanya. Ɗanya takan yi tsami mai daɗi saboda ƙwayoyin da ke sa tsami suna cikinta. Wuta ta kashe waɗannan, ta bar wasu masu sulke da ke jure tafasa, waɗanda ke farfaɗowa in madarar ta yi ɗumi. Shi ya sa dafaffiyar madarar da ta kwana a waje kan yi ɗaci ko wari ko yauƙi a maimakon tsami. Irin wannan zubarwa ake yi.

Abin da tafasa ke canzawa a jikin madarar

Ɗanɗano na canzawa, wannan gaskiya ne. Wani furotin mai narkewa a ruwan madara na warwarewa in zafi ya haura digiri 70 da wani abu, shi ke ba da ƙamshin dafaffiyar madara, kuma shi da kitse ne ke haɗuwa su zama yana. Yanar abinci ce, ba datti ba, mai so ya cinye. Wasu bitamin na raguwa, musamman bitamin C da wasu daga dangin B kamar B1 da B12 da folet, kuma raguwar na ƙaruwa da daɗewa a wuta da yawan maimaitawa. Amma dama madara ba wurin neman bitamin C ba ce, lemo ɗaya ko gwaiba ta fi ta nesa. Bitamin B2 kuwa hasken rana ya fi wuta lalata shi, don haka gorar roba mai haske da ta yi awa biyu a rana ta yi ɓarnar da tukunya ba ta yi ba.

Maganar cewa wuta na kashe ƙarfin madara ba ta da tushe. Kitsen na nan, sinadarin kalsiyam mai gina ƙashi na nan, furotin na nan yana gina jiki ko da siffarsa ta sauya, kamar yadda dafaffen ƙwai bai rasa amfaninsa ba.

Abin da wuta ba ta cirewa

Wuta mai rai take kashewa. Abin da ba shi da rai, in yana cikin madarar, yana nan bayan an sauke.

Na farko dafin da wasu ƙwayoyi suka riga suka zuba. Akwai ƙwayar da ke zama a hantsa mai ciwo da kuma a miki ko maruru a hannun mai tatsa. In madara ta yi awanni a zafi, takan yawaita ta saki dafi, kuma dafin nan na jure tafasar rabin awa. Alamarsa amai mai ƙarfi da murɗawar ciki awa 1 zuwa 6 bayan an sha, sau da yawa duk waɗanda suka sha tare. Wannan ne dalilin da ya sa madarar da ta tsinke a gwajin cokali ba ta gyaruwa da wuta, kuma shi ne dalilin gaggawar ɗorawa.

Na biyu ragowar magani. Allurar oksitetirasaikilin da ta fenisilin suna fita a madara kwanaki bayan an yi wa saniya, kuma a jikin kowace kwalba an rubuta kwanakin da za a jira kafin a sha madarar. Tafasa na rage kaɗan, ba ta kawar da shi. A gida ana iya zarginsa in aka sa ɗaurin kindirmo mai kyau a dafaffiyar madara, aka rufe a wuri mai ɗumi, amma har washegari ta ƙi kamawa: maganin ya kashe ƙwayoyin tsamin. In haka ta maimaitu da madarar mutum ɗaya, a yi masa magana.

Na uku dafin fumfuna. Da rani, in ciyawa ta ƙare, ana ciyar da shanun tatsa da dusa da angurya da ƙuli-ƙulin gyaɗa. In abincin ya yi fumfuna a ajiya, dafin da ake kira afalatoksin na ratsa jikin saniya ya fito a madara, kuma zafin tukunya ba ya taɓa shi. Ba ya sa ciwo nan take, hanta yake ci a hankali. Mai saye ba shi da hanyar gani, maganinsa na wurin mai garke: abinci busasshe, a ajiye a kan katako ba a ƙasa ba, wanda ya yi kore ko baƙi a zubar.

Madarar da aka sirka da ruwa, tafasa za ta kashe abin da ruwan ya kawo, amma ba za ta dawo da kaurin ba. Wanda madara ke sa shi kumburin ciki da gudawa saboda jikinsa ba ya narkar da sukarinta, dafaffiya ma haka za ta yi masa, kindirmo ne zai fi masa sauƙi. Kuma tafasa ba ta mai da madarar saniya nonon uwa. Jaririn da bai kai wata 6 ba nonon uwa kaɗai ake ba shi, domin madarar saniya na da ƙarancin sinadarin ƙarfe mai ƙara jini, gishirinta da furotin ɗinta kuma sun yi wa ƙodarsa yawa.

Nono da kindirmo

Da yawa na ɗauka tsami na yin aikin wuta. Yana rage wasu ƙwayoyin gudawa, amma ƙwayar bakkale da ta tarin fuka na iya rayuwa kwanaki a cikin nono mai tsami, kuma nono ba ya kai waɗannan kwanakin kafin a dama fura da shi. Abin tambaya wurin mai kindirmo ko pendiɗam, wato nono mai tsami na Fulani, shi ne ko an dafa madarar kafin a ɗaura. Yawancin masu kindirmo na dafawa, don ta fi kamawa da kauri, amma a tambaya. Ɗanyen man shanu da aka kaɗa daga madarar da ba a dafa ba shi ma haka ne, sai an soya shi.

Yinsa a gida daga ragowar lita 2 ɗin nan ba wuya. A maimakon a huce ta gaba ɗaya, a tsaya lokacin da ɗigo ɗaya a bayan hannu ke da ɗumi sosai amma ba ya ƙuna, wajen digiri 42. A zuba babban cokali 2 na kindirmon jiya a kowace lita, wanda shi ma daga dafaffiyar madara aka yi shi, in ba haka ba an dawo da abin da aka kora. A juya sau ɗaya, a rufe, a bar shi wuri guda ba motsi. A zafin Afrilu yakan kama cikin awa 5 zuwa 6. Da hunturu a Ngaundere sai an naɗe kwanon da zani, kuma yakan kai washegari da safe.